Fayil ɗinka na kan kwamfuta, ko hotonsa kawai kake gani?

Mai ɗaukar hoton biki da ke da gigabait 500 na aiki a Google Drive, alhali cikin kwamfutarsa gigabait 256 ne kacal, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya sa manhajar daidaitawa ta sauke masa kwafin fayiloli a kwamfuta, ko kuma ya jona ma'ajiyar intanet ɗin ta bayyana kamar ya soka filas, ya riƙa buɗe fayil daga can.

Ta farkon ita ce wadda Dropbox ta yi suna da ita tun 2008. Akwai folda a kwamfutarka, akwai irinta a intanet, manhajar na sa ido a kan duka biyun. Ka gyara abu a nan, ta tura gyaran can. Aikinka duk a kan kwafin da ke hannunka yake, saboda haka ko sabis ya ɗauke ba ruwanka, sai ya dawo ta ci gaba da turawa. Tsadarta wuri ne da data. Mai hotonmu ba zai iya sauke komai ba, dole ya zaɓi foldar da yake bukata.

Jonawa kuwa ba ta sauke komai tun farko. A Windows, manhajar Google Drive kan fito da sabon harafi, galibi G:, ka ga sunayen fayilolinka reras da girmansu, amma abin da ke cikinsu yana can. Sai ka danna fayil sannan a fara janyo shi. Wannan shi ne zaɓin Stream files, kishiyarsa kuma Mirror files. Masu ilimin kwamfuta kan yi haka da rclone:

```
rclone mount gdrive: X: --vfs-cache-mode full
```

A Windows sai an girka WinFsp kafin ya yi aiki. Ɓangaren ƙarshe na umarnin yana sa a ajiye abin da aka buɗe a kwamfuta na ɗan lokaci. In babu shi, manhajojin da ke karanta fayil suna rubuta masa a lokaci guda sukan ƙi aiki.

Bari mu yi lissafi. Bidiyon kamu mai gigabait 4 daidai yake da megabit dubu 32. In sabis ɗinka na ba da megabit 10 a daƙiƙa, janyo shi gaba ɗaya zai ci kusan minti 53. Don kallo kawai babu damuwa sosai, tunda ana janyo shi gutsure-gutsure. Tacewa ce matsalar, domin manhajar tace bidiyo tana tsalle gaba da baya cikin fayil, kuma duk tsalle zuwa inda ba a sauke ba jira ne. Alamar ita ce hoto ya daskare, alhali kwamfutar ba ta ma yi zafi ba. In kuma aka share ajiyar wucin gadin, gobe za ka sake biyan datar fayil ɗin da ka riga ka biya jiya.

Abin da ya fi cin mutane shi ne adanawa. Ka adana fayil a diraif ɗin da aka jona, manhaja ta nuna an gama, alhali yana kwamfutarka yana layin hawa. Ka rufe kwamfuta ka tura wa mai biki mahaɗa, shi kuma ya tarar da tsohon fayil ko wayam. Kafin ka rufe, duba alamar manhajar ka tabbata ta gama turawa.

Daidaitawa ma tana da nata ciwon. In kai da yaron shagonka kuka gyara fayil ɗaya kafin sabis ya dawo, Dropbox za ta bar muku biyu, ɗaya da conflicted copy a sunansa, ku zauna ku tantance da hannu. Kuma ko wacce hanya ka bi, abin da ka goge a kwamfuta ya gogu a can. Google Drive na riƙe shi a kwandon shara kwana 30 ne kawai.

Yanzu iyakar da ke tsakaninsu ta fara dusashewa. OneDrive, tun 2017, yana nuna alamar gajimare a kan fayil ɗin da bai sauka ba, sannan ka iya danna dama ka zaɓi Always keep on this device ga wanda kake so ya zauna.

A inda sabis ke zuwa yana tafiya, kuma ake sayen data da awo, shawarata ga mai hoton nan ita ce ya sauke foldar bikin da yake aiki a kai ta zauna a kwamfuta, ya bar bukukuwan bara a jone, ya taɓa su sai an zo neman hoto. Asalin bidiyon kuma ya ajiye kwafinsa a wani faifai daban da manhajar ba ta taɓawa.