Hannu Da Kaya A Hoto: Yadda Za Ka Nuna Ainihin Girman Abin Da Kake Sayarwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau da masu sayar da ƙananan kaya a intanet nake magana: pawa banki, abin jin sauti na kunne, agogo, ƙaramar sifika, kwalbar turare. Duk mai wannan sana'ar ya san saƙon nan da ke shigowa bayan kaya ya isa: "Haba, ai na ɗauka ya fi haka girma." Daga nan sai rigimar mayar da kaya, da wanda zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Ko an sasanta, kwastoman nan da wuya ya sake yin oda.

Maganin da kowa ya sani shi ne a riƙe kayan a hannu a ɗauki hoto, don mai saye ya kwatanta. Dabara ce mai kyau, amma hannu a hoto ma yana iya yaudarar ido, ko da mai ɗaukar bai yi niyya ba. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne dalilin hakan, da yadda ake gyarawa.

To, daga ina matsalar take?

Kyamara ba ta san girman komai ba. Abin da ta sani shi ne nisa. Abin da ya fi kusa da ita ya fi girma a hoto, kuma lissafin a miƙe yake: in ka rage nisan abu zuwa rabi, tsawonsa a hoto zai ninka biyu. Shi ya sa in ka kawo waya daf da fuskarka sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ƙanƙance. Hancin bai ƙaru ba, ya dai fi kunnuwa kusa da kyamara ne.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kana sayar da pawa banki mai tsawon santimita 10, faɗi 6 da rabi, kauri 2 da rabi. Ka riƙe shi da kan yatsu, ka ɗan miƙo shi wajen waya, yadda fuskarsa ta riga tafin hannunka da santimita 5. Wayar kuma tana nisan santimita 20 daga fuskar pawa bankin. Ke nan kayan yana 20, tafin hannu yana 25. Raba 25 da 20, za ka samu 1.25. Ma'ana, in aka kwatanta da tafin hannun, pawa bankin ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Abu mai santimita 10 ya fito kamar mai 12 da rabi. Ba ka taɓa hoton da wata manhaja ba, amma ya riga ya faɗi abin da ba haka ba.

Yanzu kada ka canja riƙon, ka ja wayar baya kawai zuwa santimita 60. Kaya yana 60, tafi yana 65, ƙarin ya sauko zuwa kusan kashi 8. Ka koma mita ɗaya, ya zama kashi 5. Tazarar santimita 5 tana nan yadda take, amma idan aka auna ta da nisan kyamara ta zama ba komai ba. Wannan shi ne ginshiƙin maganar yau: ka ja baya.

Na san tambayar da za ta biyo: "In na ja baya ai kayan zai yi ƙanƙanta a hoton." Haka ne, kuma nan ne zum yake shigowa. Buɗe kyamarar wayarka, za ka ga 1x, wasu wayoyin da 0.5x, da 2x ko 3x. Shi 1x ɗin yana ɗaukar fili mai faɗi, don haka kafin ƙaramin abu ya cika hoto dole ka matso sosai, matsowar kuwa ita ce ke kawo kumburin. Shi 0.5x ya fi muni, domin ban da matsowar da yake tilasta ka, yana jan abin da ke gefen hoto ya miƙar da shi. Yatsan da ya faɗa can gefe sai ya fito dogo kamar ba na mutum ba. Don hoton kaya a hannu, sa 2x ko 3x ka tsaya tsakanin santimita 60 da mita ɗaya.

In wayarka ba ta da kyamarar zum ta daban, ba matsala. Ɗauki hoton daga nesa a 1x, daga baya ka yanke gefe-gefen. Yanka ba ya canja yadda girman abubuwa yake a tsakaninsu, nisa ne kawai ke canja shi. Hoton megafiksel 12 yana da kusan fiksel 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. Ko ka yanke rabin kowane ɓangare, kana da 2000 da 1500, wanda ya ishi WhatsApp da Instagram har da saura. Sharaɗin kawai a samu haske mai kyau, kamar na bakin taga da hantsi, don kada hoton ya yi dishi-dishi.

Wani abu kuma da ya kamata masu sababbin wayoyi su lura: wasu wayoyin, irin su iPhone 13 Pro da na Pro da suka biyo bayanta, in ka matso daf da abu suna komawa kyamarar 0.5x da kansu don su iya gani kusa. In ka ga hoton ya ɗan yi tsalle yayin da kake matsowa, ka san abin da ya faru ke nan, ka ja baya.

Sai maganar riƙo. Tunda tazara tsakanin kaya da hannu ita ce tushen matsalar, ka rage ta. Kwantar da pawa bankin a kan tafi, yatsu su kama gefensa, babban yatsa a ɗaya gefen. Ta haka yatsun suna layi ɗaya da kayan, nisansu da kyamara ɗaya ne, ido kuma da su zai kwatanta. Kada yatsa ya tsallako gaban kayan ya nufo kyamara, domin shi ne zai kumbura, kayan kuma ya fito ƙarami fiye da yadda yake. Wannan ma asara ce, don mai saye zai raina abin ya wuce.

Fuskar kayan kuma ta kalli bayan wayar sosai, kada ta karkace. In ka kwantar da saman pawa bankin baya da digiri 45, tsawonsa na santimita 10 zai fito kamar 7, ya koma wani gajere mai ƙiba. Hanya mai sauƙi ta ganewa: dubi gefunansa biyu a allon waya. In suna tafiya a miƙe kamar layin dogo, ka daidaita. In suna matsewa ta sama ko ta ƙasa, akwai karkata. Kunna Grid a saitin kyamara, layukan za su taimake ka, kuma ka bar kayan a tsakiyar hoto.

To amma hannu yana da iyakarsa, dole mu faɗa. Hannu ba ma'auni ba ne. Hannun ƙaton namiji daban, na budurwa daban, na yaro ɗan shekara 10 daban. Pawa banki ɗaya zai ɓace a wancan tafin, ya cika wannan. Don haka ka yi amfani da hannun babba mai matsakaicin girma, ka kuma riƙa amfani da hannu ɗaya a duk kayanka, yadda mai bin shafinka zai saba da shi.

Don cike wannan giɓin, ƙara hoto na biyu da abin da girmansa ba ya canjawa. Wanda na fi so shi ne katin banki, domin girmansa ɗaya ne a ko'ina: santimita 8.56 a tsawo, kusan 5.4 a faɗi. Yi amfani da tsohon kati, ka rufe lambobi da suna gaba ɗaya. Ga inda mutane ke kuskure: su ajiye katin a kan tebur, pawa bankin a gefensa, su ɗauka daga sama. Ka tuna kaurinsa santimita 2 da rabi ne, wato fuskarsa ta fi katin kusa da kyamara. Daga nisan santimita 25, wannan kaɗai ya ƙara masa kashi 10. Sai ka ɗora katin a kan littafi ko kwali mai kauri irin nasa, fuskokin biyu su yi daidai.

Wannan hoton ne kuma zai ba ka hanyar gwada aikinka. Raba tsawon kaya da tsawon kati: 10 a raba da 8.56 ya ba da kusan 1.17. Buɗe hoton, ka ja shi har tsawon katin ya kai santimita 6 a kan allo, ka auna da rula. Pawa bankin ya kamata ya kai 7. In ya kai 8, ka san an samu kumburi, ko dai ka matso da yawa ko kuma tsayin biyun bai daidaita ba. Sai ka sake ɗauka.

Abu na ƙarshe shi ne wajen gyaran hoto, inda aikin da aka yi da kyau yake lalacewa cikin daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauki hoto, kana so ya cika allon sitatus mai tsawo, sai ka ja shi sama da ƙasa. Shi ke nan, kaya ya miƙe, yatsu sun zama sanduna. In za ka ƙara girman hoto a Canva ko makamancinta, ja daga kusurwa, don tsawo da faɗi su ƙaru tare. In fili ya rage, cike shi da launi ko rubutun farashi. Gwajinsa kuma mai sauƙi ne: nemi wani abu mai da'ira a hoton, kamar maɓallin kunnawa. In ya koma siffar ƙwai, an ja hoton.

Haka kuma masu yanko hoton kaya su manna a kan hoton hannun da suka samo a intanet. A nan kai ne kake zaɓar girman da ido, ido kuwa yakan zaɓi abin da zai fi sayuwa. In kayan yana hannunka, ɗauki na gaske. In bai iso ba tukuna, gara ka sa hoton kayan shi kaɗai da awonsa a rubuce.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara ga kowane ƙaramin kaya: hoto ɗaya a tafin hannu daga gaba, ɗaya daga gefe don a ga kauri, ɗaya tare da kati. A ƙasa ka rubuta awon da ka auna da kanka, ba wanda ke jikin kwali ba, don wani lokacin awon kwalin ne aka buga: tsawo 10, faɗi 6.5, kauri 2.5, duk a santimita. Duk wanda ya yi oda bayan ya ga waɗannan, abin da ya gani shi zai karɓa.

Ku ɗauki kaya ɗaya yau, ku yi masa hoto daga santimita 20 a 1x, sannan daga santimita 80 a 2x, ku jera su ku ga bambancin da idonku. A shiri na gaba za mu taɓa maganar launi, wato dalilin da atamfa ke fitowa wata kala a hoto, ta iso wata kala. Sai mun haɗu, Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.