Tazarar kalmomi da tebur mai layi biyu

Gyara nawa ake bukata a mayar da “gari” ya zama “gaji”? Ɗaya: a musanya r da j. Wannan shi ne ma'aunin da Levenshtein ya fito da shi a 1965, inda saka harafi, cire shi ko musanya shi, kowanne gyara ɗaya ne.

Kwamfuta kan zana tebur, haruffan kalma ɗaya a sama, na ɗayar a gefe. Kowane gurbi maƙwabta uku yake dubawa: na sama, na hagu da na kusurwa. Na sama da na hagu a ƙara musu ɗaya, na kusurwa kuwa sai in haruffan sun bambanta. Mafi ƙanƙanta shi ake rubutawa.

To, tunda layin da ake cikewa bai dogara da komai ba sai wanda ke samansa, ajiye sauran asarar wuri ce. Rubutu biyu masu harafi 10,000 kowanne za su ci gurbi wajen miliyan 100. Da layi biyu, wajen 20,000 sun isa. Lokacin lissafi dai bai ragu ba. Kuma lambar kawai za ka samu, don sawun gyare-gyaren ya tafi da layukan da aka goge.