Kiriyatin a shayi, kofi, ruwan lemo ko ruwa zalla: shin kafeyin na kashe aikinsa?

Kiriyatin sinadari ne da jikin ɗan Adam ke haɗawa da kansa a hanta da ƙoda, kimanin giram 1 a rana, sannan ya samu ƙari daga nama da kifi. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, shi ya fara tace shi daga nama a 1832. Kusan kashi 95 cikin ɗari na wanda ke jiki yana ajiye ne a tsoka, inda yake taimakawa wajen mayar da ƙarfi cikin gaggawa lokacin aiki mai tsanani na 'yan daƙiƙu, irin ɗaga ƙarfe ko gudun tsere na gajeren zango. Wanda masu motsa jiki ke saya a roba, farin gari ne mai suna kiriyatin monohaidiret, ba shi da wari, ɗanɗanonsa kuma ba wani abin a zo a gani ba ne.

Duk gardamar abin da za a dama shi da shi ta rataya ne a kan yadda yake aiki. Kiriyatin ba ya aiki nan take. Taruwa yake yi a tsoka kaɗan-kaɗan har ta cika, kamar randar da ake zuba wa ruwa moɗa-moɗa. Binciken da Eric Hultman da abokan aikinsa suka buga a 1996 ya nuna cewa giram 20 a rana na tsawon kwana 6 yana ƙara ajiyar tsoka da kusan kashi 20 cikin ɗari, giram 3 a rana na tsawon kwana 28 kuma yana kai wa ga wannan matsayin. Saboda haka abin tambaya game da kowane abin sha shi ne: yana lalata garin kafin ya shiga ciki, ko yana hana shi isa tsoka, ko kuwa yana hana tsokar amfani da shi?

Ruwa zalla ba ya yin ko ɗaya daga cikin ukun. Matsalarsa ɗaya ce, garin ba ya saurin narkewa. Lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas tana narkar da kimanin giram 14 ne kawai. In ruwan firiji ne mai digiri 4, abin ya sauko zuwa giram 6. A digiri 50 kuwa ya haura zuwa giram 34. Wanda ya zuba giram 5 a ƙaramin kofi mai cin rubu'in lita zai narkar da kusan giram 3 da rabi, ragowar ta kwanta a gindin kofin kamar rairayi. Ledar ruwa guda ta rabin lita, matuƙar ba mai sanyi ƙarara ba ce, ta isa ta ɗauke giram 5 ɗin duka. Garin da bai narke a kofi ba zai narke a ciki, ba ya ɓacewa. Asarar gaskiya ita ce wanda aka bari a gindin kofi aka wanke da kwanuka, kuma maganinta a ƙara ruwa kaɗan a ɗauraye a shanye.

Shayi mai zafi ya fi ruwan sanyi narkar da shi nesa ba kusa ba, sai dai ana yawan cewa zafi na “ƙona” shi. Maganar tana da tushe. Idan kiriyatin ya daɗe a cikin ruwa yana rikiɗewa ya koma kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari, wanda ba ya yi wa tsoka komai. Zafi da tsami suna hanzarta wannan rikiɗa. Amma ana auna ta ne da sa'o'i da kwanaki, ba da mintuna ba. Kofin shayin da aka shanye cikin minti goma bai samu lokacin yin wata ɓarna ba. Hasali ma a bincike na farko-farko a shekarun 1990 ana narkar da garin ne a ruwan ɗumi, wasu lokutan ma a shayi ko kofi, kuma ajiyar tsoka ta ƙaru. Abin gudu shi ne a dama shi a filas ɗin shayi tun asuba a riƙa kurɓa har la'asar, domin a nan zafin da daɗewar sun haɗu.

Tsami ma haka lissafinsa yake. An auna kiriyatin a ruwa mai ɗumin digiri 25 bayan kwana uku: a pH 5.5, wato tsami kaɗan, kashi 4 cikin ɗari ne ya lalace. A pH 4.5 kashi 12. A pH 3.5, wanda ya yi kusa da tsamin ruwan lemo, kashi 21. Ko bayan kwana uku cur, kusan kashi huɗu cikin biyar yana nan. Don haka dama shi da ruwan lemo, ko zoɓo, ko ruwan tsamiya a sha nan take ba laifi ba ne. Haɗa gorar da za a yi mako ana sha ne ba dabara ba.

Akwai wani dalili na daban da ya sa ake yabon ruwan 'ya'yan itace. Sukari yana sa jiki ya saki insulin, insulin kuma yana taimaka wa tsoka ta ja kiriyatin daga jini. A Jami'ar Nottingham ta Ingila, a 1996, an bai wa mutane giram 5 na kiriyatin tare da giram 93 na sukari sau huɗu a rana, sai ajiyar tsokarsu ta zarce ta waɗanda suka sha shi kaɗai da kusan kashi 60 cikin ɗari. Sakamakon na gaske ne, amma a dubi yawan sukarin. Giram 93 ya kai na kwalbar lemo mai santilita 35 guda biyu da rabi, a kowane sha, kusan kwalba goma ke nan a rana. Kofin ruwan lemo guda bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, bai kai ko kusa ba. Bugu da ƙari, sukarin yana sa tsoka ta cika da wuri ne, alhali mai shan giram 3 zuwa 5 kullum zai cika cikin wata guda ko da ruwa zalla yake sha. Shan garin tare da abinci, ko biredi da shayi ne ko shinkafa da nama, yana tayar da insulin ba tare da ƙarin sukari ba. Ga mai ciwon suga ko mai son rage ƙiba, hanyar lemon ta fi cutarwa a kan amfani.

Batun kafeyin ne ya fi ɗaure kai, kuma kusan duk jita-jitarsa daga bincike ɗaya ta samo asali. A 1996, Vandenberghe da abokan aikinsa a Jami'ar Leuven ta Beljiyam suka gwada maza 9. Sun ba su kiriyatin rabin giram a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, na kwana 6, sau ɗaya shi kaɗai, sau ɗaya kuma tare da kafeyin miligiram 5 a kan kowane kilo. A duka biyun ajiyar tsoka ta ƙaru daidai wa daida, wato kafeyin bai hana kiriyatin shiga tsoka ba. Amma da aka gwada ƙarfin miƙe gwiwa a na'ura, kiriyatin kaɗai ya ƙara shi da kashi 10 zuwa 23 cikin ɗari, haɗin da kafeyin kuwa bai ƙara komai ba. A 2002 masu binciken na Leuven suka kawo bayani: kiriyatin na rage lokacin da tsoka ke ɗauka kafin ta saki bayan ta ɗame, kafeyin kuma na tsawaita shi, sai su soke juna.

Ya kamata a sauke waɗannan alƙaluma a kan mutum guda. Matashi mai kilo 70 a wancan gwajin zai sha giram 35 na kiriyatin a rana, ninki bakwai na giram 5 da aka saba sha, da kafeyin miligiram 350. Kofin shayin Lipton yana ɗauke da miligiram 40 zuwa 50, ƙaramin cokali na garin kofi kuwa kimanin 60. Kafin ya kai 350 sai ya sha shayi kofi bakwai ko takwas, ko kofi biyar zuwa shida, kullum. Mai tsayawa wurin mai shayi da safe ya sha kofi ɗaya yana shan kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na abin da aka gwada. Gwajin kansa ma yana da rauni. Mutum tara ba su da yawa, kuma mako uku aka bari tsakanin zagaye da zagaye, alhali tsoka kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ta koma yadda take bayan an daina shan kiriyatin.

Binciken da ya biyo baya bai tsaya a gefe ɗaya ba, amma ya fi karkata ga cewa matsalar ƙarama ce. A 1998 masu bincike a Finland suka ga kiriyatin bai canja yadda kafeyin ke shiga jini ba. A 2002 Doherty da abokansa suka bai wa mutanen da tsokarsu ta riga ta cika kafeyin sau ɗaya kafin gudu, sai suka ƙara jurewa. A 2016 Trexler da abokansa a Amurka suka raba maza 54 gida huɗu: wasu kiriyatin kaɗai giram 20 a rana na kwana biyar, wasu da garin kafeyin miligiram 300, wasu da kofi, wasu kuma ba a ba su sinadarin ba. Ba a ga bambanci na ƙwarai a ƙarfinsu ba. Abin da ya fito fili shi ne mutum huɗu cikin masu haɗa shi da garin kafeyin sun koka da ciki. Wannan na iya zama wani ɓangare na amsar, don wanda cikinsa ke murɗawa ba zai yi atisayen kirki ba, ko da tsokarsa ta cika.

Inda shakkar take da ƙarfi, ke nan, shi ne makon da ake shan giram 20 a rana tare da kafeyin mai yawa kullum. Wanda ya zaɓi wannan hanyar gaggawa zai fi kyau ya rage kafeyin a kwanakin nan biyar ko shida, ya raba garin gida huɗu, ya sha kowane da abinci. Mai shan giram 3 zuwa 5 a rana tare da shayi ko kofi ɗaya ko biyu ba shi da hujjar canja ɗabi'arsa. In hankalinsa bai kwanta ba, ya sha shayinsa da safe, ya bar garin sai abincin rana. A lissafin kafeyin na yini dole a sa goro da lemon ƙara kuzari da garin da ake sha kafin atisaye, don suna taruwa ba a ankara ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a rana ba ya da illa ga baligi mai lafiya, ta kuma sa iyakar mai juna biyu a 200.

Alamar cewa kiriyatin ya shiga ba jin wani kuzari ba ce, wannan aikin kafeyin ne. Yawanci nauyi kan ƙaru da kilo ɗaya zuwa biyu a farko, saboda ruwan da tsoka ke riƙewa, daga baya kuma mutum ya ga ya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a nauyin da ya saba. Kumburin ciki ko gudawa na nuna an sha da yawa a lokaci guda ko kan yunwa. Bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci kuwa daga kafeyin suke. Shan kiriyatin kan ɗan ɗaga adadin kiriyatinin a gwajin jini, don haka mai zuwa awon ƙoda ya sanar da likita yana sha, mai ciwon ƙoda kuma kada ya fara sai da izinin likitansa.