Kayan da Ke Kan Kanta Ba Tayi Ba Ne

Ɗalibin shari'a a shekarar farko yakan ɗauka cewa kayan da aka jera a shago da farashi tayi ne. A dokar kwangila, gayyata ce kawai: mai shago yana cewa zo mu yi ciniki. Mai saye ne ke yin tayi idan ya kai kayan wurin biya, mai shago kuma yana iya cewa albarka.

A shari'ar Fisher da Bell ta 1960, an gurfanar da wani mai shago a Bristol saboda ya baje wuƙar da doka ta hana tayin sayarwa. Kotu ta wanke shi, domin baje kaya a taga ba tayi ba ne. Hikimar a fili take: da tayi ne, mutum goma za su iya amsawa a kan wuƙa ɗaya.

Talla ma haka take, sai dai idan ta ɗauki alkawari tsayayye. Kamfanin Carbolic Smoke Ball ya yi alkawarin fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa amma mura ta kama shi, har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki. Misis Carlill ta kamu, kotu kuma ta ce a biya ta.