Kafin Ka Ɗora Bidiyo a YouTube: Tambayar da Ke Rufe wa Mutane Kasuwa

Duk wanda ya taɓa ɗora bidiyo a YouTube ya ci karo da wata tambaya da ba a tsallake ta. A ƙarƙashin Audience za a ba ka zaɓi biyu: "Yes, it's made for kids" ko kuma "No, it's not made for kids". Mutanenmu da yawa na danna na farko da zuciya ɗaya. A ganinsu ana tambaya ne ko bidiyon na da tsabta, wato babu batsa, babu ashar, yaro zai iya kalla. Ba abin da ake tambaya ke nan ba. Abin da ake son sani shi ne: don yara ƙanana ka shirya wannan bidiyo, su ne kake nufi da shi?

Tambayar na da asali. A 1998 Amurka ta kafa dokar da ake kira COPPA, wadda ta hana kamfanonin intanet tattara bayanan yaran da ba su kai shekara 13 ba sai da izinin iyayensu. A watan Satumba na 2019 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta ƙasar, FTC, tare da jihar New York, suka sa Google da YouTube biyan tarar dala miliyan 170 kan zargin karya wannan doka. Daga nan ne kamfanin ya wajabta wa kowane mai tasha, ko ina yake a duniya, ya bayyana ko bidiyonsa na yara ne, kuma tun Janairun 2020 duk bidiyon da aka ce na yara ne ana ɗaure shi da wasu sharuɗɗa. Dokar ta Amurka ce, amma ɗaurin har kan mai ɗora bidiyo daga Kano ko Zinder yake hawa.

Mu ɗauki misalin wata mai koyar da girki. Azumi ya gabato, ta ɓata yini guda tana ɗaukar yadda ake alkaki, tun daga jiƙa alkama har zuwa tsoma shi cikin ruwan suga. Ta zo ɗorawa ta ga tambayar, ta ce a ranta ai girki ba abin kunya ba ne, ta danna Yes. Daga wannan lokaci an rufe wurin sharhi, don haka matar da ke son tambayar kwana nawa kwaɓin zai yi kafin a soya ba ta da inda za ta rubuta. Waɗanda suka danna ƙararrawar tasharta ba za su samu sanarwar sabon bidiyon ba. Wadda ta gan shi tana cikin hidima, ta so ajiye shi a Watch later don ta kalla da dare, za a ce mata ba a yarda ba. Hotunan nan na ƙarshen bidiyo da ke jan mai kallo zuwa wani girkin nata su ma ba za su fito ba. Idan kuma tashar ta kai matsayin samun kuɗi, an cire tallan da ake zaɓo wa mutum bisa abin da ya saba nema, wanda yawanci shi ya fi kawo riba.

Sai kuma babbar asarar da ba a gani da ido: YouTube ya fi jera irin wannan bidiyo kusa da sauran bidiyon yara. Ga alkaki an kai shi layin masu kallon katun. Yaro ba zai tsaya ba, uwar da aka yi dominta kuma ba lalle ta gamu da shi ba. Mai tashar za ta yi ta zargin rashin sa'a, wata ma ta ce baki ne ya kama ta.

Gane matsalar ba wuya. Ka buɗe bidiyonka da wayar wani. In ka ga an rubuta "Comments are turned off" alhali ba kai ka rufe ba, to je ka YouTube Studio, ka shiga Content, ka duba ko an rubuta Made for kids a gefen bidiyon. Gyaran ma a nan yake: ka buɗe bidiyon, ka sauya amsar Audience, ka danna Save. In bidiyon na da yawa, a kwamfuta za ka iya yi musu alama gaba ɗaya, ka zaɓi Edit sannan Audience. Ka kuma leƙa Settings, Channel, Advanced settings, domin wasu tashar dungurungum suka mayar ta yara tun ranar buɗe ta, suka manta.

Kada dai a ɗauka ina cewa kowa ya danna No. Malamin da ke koya wa 'yan shekara biyar harufa da waƙa da zane mai motsi, na yara yake yi, kuma Yes ce amsarsa ko da za ta rage masa kuɗin shiga. In ya ɓoye, YouTube na iya sauya masa da kansa, har ya ɗauki mataki kan tashar. Amma wasan barkwanci ko wa'azin da kowa a gida ke iya kallo bai zama na yara ba don kawai akwai yaro a ɗakin.

Ƙasa kaɗan akwai wani tarkon, na ƙayyade shekaru: "Yes, restrict my video to viewers over 18". Wasu na danna shi don su nuna cewa manya suke wa magana. Yin haka na hana duk wanda bai shiga da akawun ɗinsa ba kallo, yana hana bidiyon buɗewa a yawancin shafukan da ke wajen YouTube, talla kuma ta ragu ko ta tsaya. A wurinmu da ake yawan tura mahaɗi ta WhatsApp, kuma waya ɗaya ke zagaya hannu uku, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. An tanade shi ne don abubuwa irin su hoton jini ko mummunan tashin hankali.

Harshe kuwa yana ɓoye a ƙarƙashin Show more, shi ya sa ake wuce shi. A Video language ka nemi Hausa in da Hausa ka yi magana. Idan aka bar shi a English, na'urar da ke rubuta magana a ƙasan bidiyo za ta yi ta ƙoƙarin jin Turanci a bakinka, ta cika allon da shirme. Haka ma taken bidiyo: mai neman girkin nan "yadda ake alkaki" za ta rubuta, saboda haka wannan ya kamata ta tarar a take da bayani, ba wani dogon Turanci ba.

Category shi ne wanda aka fi yi wa surutu, kuma a ganina shi ya fi ƙarancin nauyi cikinsu duka. Rukunai 15 ne, kuma in ba ka taɓa komai ba galibi People & Blogs za ka tarar. Girki da ɗinki su tafi Howto & Style, darasi ya tafi Education, waƙa Music, barkwanci Comedy. Masu cewa ka sa girkinka a Entertainment wai don can 'yan kallo suka fi yawa, yaudarar kai suke yi, domin abin da mutane suka danna suka kuma tsaya kallo shi ke tura bidiyo gaba. Ka zaɓi rukuni da harshe sau ɗaya a Settings, Upload defaults, Advanced settings, amma ka sani wannan tanadi na aiki ne idan ta burauza ka ɗora. Mai ɗorawa da manhajar waya sai ya koma Studio bayan kowane bidiyo ya tabbatar da idonsa.