Allon Riba da Asara: Kafin Ka Yarda da Lamba, Tambayi Lokacinta

Duk wanda ya taɓa zama a shagon hatsi ya san cewa farashin da aka faɗa maka da safe ba lallai ya kai la'asar ba. Haka lamarin yake ga mai sayen hannun jari ta waya. Abu uku yake so ya gani da kallo ɗaya: abin da yake riƙe da shi bai sayar ba, ko riba yake ci ko asara, da kuma yaushe aka ɗauko farashin da aka yi lissafin da shi. Ana iya haɗa allon da zai nuna waɗannan kyauta a Google Sheets, ba sai an iya rubuta manhaja ba.

A ba kowane kamfani layi ɗaya. Gidan A lambar kamfanin, B yawan hannun jarin da ya rage a hannu, C matsakaicin kuɗin saye, D farashin yanzu, E riba ko asara, F lokaci. A gidajen D2, E2 da F2 sai a rubuta waɗannan bi da bi:

```
=GOOGLEFINANCE(A2,"price")
=(D2-C2)*B2
=GOOGLEFINANCE(A2,"tradetime")
```

Idan aka sa `NYSE:KO` a A2, wato kamfanin Coca-Cola a kasuwar New York, farashi zai fito da kansa.

Gidan C ne ke kayar da mutane. A ce Malam Bala ya sayi hannun jari 10 a kan dala 50, daga baya ya ƙara 5 a kan dala 62. Ya kashe 500 da 310, jimla 810 ke nan. A raba gida 15, kowane ɗaya ya tsaya masa a dala 54. Yau farashi 58 ne, don haka ribarsa dala 60 ce. Da ya rubuta kuɗin sayen ƙarshe, 62, da allon ya nuna masa asarar dala 60, ya kwana da baƙin cikin banza. La'adar dillali ma a zuba ta cikin kuɗin saye, in ba haka ba ribar za ta yi ƙiba a ido kawai.

Idan ya sayar da 6 a kan 58, dala 24 ta shiga aljihu, ta tabbata. Sai ya mayar da B2 zuwa 9, allon ya nuna 36, wadda har yanzu riba ce ta takarda, gobe tana iya narkewa. Ni dai ba na yarda a cuɗa su wuri ɗaya. Wadda ta tabbata a kai ta wani shafi dabam.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne ran allon. Mutane da yawa kan rubuta `=NOW()` a sama, su sa masa suna "sabuntawa ta ƙarshe". Wannan yaudarar kai ce. Agogon shafin kawai yake nunawa, wato lokacin da shafin ya sake lissafi, ko da kuwa farashin na shekaranjiya ne. Ka buɗe allon ranar Lahadi da hantsi, zai ce maka yanzu-yanzu aka sabunta, alhali tun daren Juma'a aka tashi daga kasuwa. Shi kuwa `tradetime` lokacin ciniki na ƙarshe yake bayarwa, wanda shi ne ainihin shekarun farashin. Google da kansa ya yi gargaɗin cewa farashin na iya makara har minti 20, saboda haka ko kasuwa na ci, abin da kake gani ya ɗan kwana biyu a idon mai cinikin gaggawa.

Inda `NOW()` ke da amfani shi ne wajen auna tazara. A gidan G2:

```
=IF(NOW()-F2>30/1440,"TSOHO","SABO")
```

Minti 1440 ne a yini, don haka wannan na nufin idan farashi ya wuce rabin awa a kira shi tsoho. A shiga `Settings` a sa lissafi ya riƙa sabuntawa kowane minti, a kuma shafa wa gidan jan launi idan TSOHO ya fito. Kafin a dogara da shi, a gwada shi lokacin da kasuwa ke ci. Kasuwar New York kan buɗe 9:30 na safe ta rufe 4 na yamma a agogonsu, wato 2:30 na rana zuwa 9 na dare a agogon Najeriya da Nijar, daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Sauran watannin a ƙara awa ɗaya. Idan kasuwa na ci amma F2 ya bambanta da agogon wayarka da awanni cur, matsalar bambancin agogo ce, sai a ƙara ko a rage awannin a cikin lissafin.

Wani lokaci kuma D2 kan nuna `#N/A`, jimlar ƙasa ma ta lalace. Kada a rufe kuskuren da sifili: da farashin sifili, allon zai shaida wa Malam Bala cewa dala 486 ɗin da ta rage masa a kasuwa ta ƙone ƙurmus. Gara a bar kuskuren a fili, a duba ko lambar kamfanin ce aka rubuta ba daidai ba.