Yadda Za Ka Sa Maganarka Ta Zauna A Kan Mai Sauraro

Idan aka tashi daga taron safe a makaranta, ka tsayar da ɗalibi ɗaya a bakin aji ka tambaye shi abin da mai jawabi ya ce. Sau da yawa amsar ita ce: "Ya dai yi magana a kan tsafta." Abin da aka ce a yi kuwa ya riga ya bi iska. Dalili shi ne mai karatu yana iya komawa layin baya idan wani abu ya wuce shi, amma mai sauraro ba shi da wannan damar. Kalmar da ta wuce ta wuce ke nan. Saboda haka nauyin yana kan mai magana: shi zai zaɓi jimla ɗaya da yake so a tafi da ita gida, ya gina ta yadda za ta zauna.

Akwai dabaru uku da masu magana suka daɗe suna aiki da su: nanatawa, jera abubuwa uku, da gwama kishiyoyi. Ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya yi Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, taken jam'iyyarsa ta NPC idan aka faɗe shi da Hausa shi ne: Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba bambancin addini, matsayi ko ƙabila. Duba da kyau. Kalmar "ɗaya" ta zo sau biyu. Abubuwan da ke raba mutane an jera su uku. Sannan an ajiye haɗin kai a gefe guda, rarrabuwa a ɗaya gefen. Jimla ɗaya ce, amma duk dabarun uku suna cikinta, shi ya sa har yau dattawa suke iya kawo ta da ka.

Bari mu gwada su a kan wani aiki na gaske.

Aikin da aka ba ka

A ce ƙungiyar kiwon lafiya ta makarantarku ta ba ka minti biyu a taron safe ka yi magana a kan tsargiya, wato cutar fitsarin jini. Duk wanda ya tashi kusa da madatsar ruwa ta Goronyo, ko magudanan noman rani na Wurno, ko fadamun Rabah, ya san yara suna wanka da kamun kifi da wanki a ruwan da ke kwance. A irin wannan ruwan cutar take yaɗuwa. Mai ɗauke da ita yana yin fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga jikin wani ƙaramin dodon-koɗi ta hayayyafa, sannan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ruwan ba. Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari. Idan aka bar ta ta daɗe tana lalata mafitsara, har ta taɓa ƙoda. Tana da magani a asibiti, ƙwaya ce da ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon mutum.

Minti biyu ba ya ɗaukar fiye da kalmomi 250 idan ana magana a natse. Yawancinmu za mu cika su da duk bayanin da ke sama, mu ƙare da "saboda haka ya kamata mu kula da lafiyarmu". Duk gaskiya ne, amma yaron aji ɗaya da ke ganin jini a fitsarinsa zai koma aji bai san abin da zai yi ba.

Kafin kowace dabara, tambayi kanka: idan abu ɗaya tak za su tuna, mene ne? A nan amsar a fili take. Yara maza da yawa sun taso suna jin cewa fitsarin jini alamar girma ce, wasu kuma, musamman 'yan mata, kunya ke hana su faɗa. To saƙon shi ne: cuta ce, a faɗa, a nemi magani.

Gwama kishiyoyi: a nan ake ƙera jimlar

Karin maganarmu cike take da wannan. "Rigakafi ya fi magani." "Gani ya kori ji." Kowanne yana ajiye abu biyu kusa da juna don ɗaya ya haska ɗaya, kamar yadda farin alli ya fi fitowa a kan baƙin allo.

Amfanin wannan dabara ya fi yawa inda mai sauraro ya riga ya riƙe wani kuskure. Idan ka ce "tsargiya cuta ce" kawai, yaron zai ajiye maganarka kusa da abin da ya ji a unguwa, ya ci gaba da riƙe duka biyun. Sai ka kira kuskuren da sunansa ka ture shi: "Fitsarin jini ba girma ba ne, cuta ce."

Lura da abu biyu. Na farko, ɓangarorin su zama kusan tsawo ɗaya. Da ka ce "ba girma ba ne, wata cuta ce da ake ɗauka daga wasu ƙananan halittu da ke cikin ruwa", ɓangare na biyu ya yi nauyi, ma'aunin ya karkace. Na biyu, abin da kake so a riƙe shi ke zuwa ƙarshe. Juya ta ka ji: "Cuta ce, ba girma ba ne." Kalmar da ta rage a kunne yanzu ita ce "girma", wadda kake so a manta.

Jera uku: a nan ake faɗin abin yi

Tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu, na huɗu kuma ba ya ƙara mata komai. Haka jeri yake a kunne. Abu na farko yana buɗe hanya, na biyu yana nuna cewa tsari ne, na uku yana rufewa. Kuma abin da kan mutum ke iya riƙewa a lokaci guda, ba tare da rubutawa ba, kaɗan ne. Ka aiki ƙanenka kasuwa da saƙo bakwai ka ga nawa zai dawo da su.

Shawarwarin da za a iya bayarwa a kan tsargiya sun fi uku, don haka dole ka zubar da wasu. Ga ukun da suka fi dacewa da ɗalibi: "Kada ka yi wanka a ciki. Kada ka yi fitsari a ciki. Kada ka ɓoye."

Me ya sa ba a ce "kada ka shiga ruwa" ba? Saboda yaron da ke taya mahaifinsa ban ruwan albasa ko dashen shinkafa ba zai iya bin wannan ba, kuma da zarar ya ji umarni ɗaya da ba zai yiwu ba, zai watsar da sauran. Wanka na wasa kuwa yana iya bari.

Duba kuma ginin. Dukkansu sun fara da "kada ka", don haka kunne ya san abin da ke tafe. Na farko yana kare kai, na biyu yana kare wasu, na uku shi ne mafi gajarta kuma mafi nauyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne samun abu biyu masu ƙarfi, a ƙaro na uku don cike gurbi, kamar "kuma mu zama yara nagari". Idan abu biyu gare ka, faɗi biyu.

Nanatawa: a nan ake kafa ta

Wanda ya yi Islamiyya ya san ruwayar Anas a cikin Bukhari, cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta. Sankira ma idan zai yi shela ba ya faɗa sau ɗaya ya wuce. Amma nanatawa tana da ƙa'ida: jimla ɗaya ake nanatawa, da kalmominta ba canji, kuma a bar tazara tsakani. A aji an koya mana kada mu maimaita kalma a insha'i, sai mu riƙa sauya ta. A jawabi wannan yana cutarwa. Idan ka ce "cuta ce" da farko, "ciwo ne" a tsakiya, "lalura ce" a ƙarshe, ka faɗi jimloli uku sau ɗai-ɗai, babu wadda ta kafu.

A minti biyu, sau uku ya isa: farko, tsakiya bayan bayani, da ƙarshe. Ga yadda zai kasance a taƙaice:

"'Yan'uwana ɗalibai, fitsarin jini ba girma ba ne, cuta ce. Sunanta tsargiya. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani, tana fitowa daga dodon-koɗi a ruwan da ke kwance, ta shiga ta fata. Tana kama namiji, tana kama mace. In an bar ta, tana lalata mafitsara. In wani ya ce maka alamar ka zama namiji ce, ka ce masa: ba girma ba ne, cuta ce. Kuma tana da magani a asibiti. Abu uku nake roƙonku. Kada ka yi wanka a ciki. Kada ka yi fitsari a ciki. Kada ka ɓoye. Yau, in ka ga jini, ka gaya wa mahaifanka ko malaminka. Ba girma ba ne, cuta ce."

Kafin kowace maimaitawa ka ɗan yi shiru, kamar tsawon numfashi ɗaya. Shirun ne ke gaya wa mutane cewa abin da ke zuwa shi ne na riƙewa.

Inda abin ke ɓaci

Waɗannan dabaru suna sa magana ta zauna, amma ba sa mayar da ita gaskiya. Da ka ce "kada ka sha, kada ka sha, kada ka sha", zai zauna daram, kuma yara za su ci gaba da wanka suna tsuke baki, suna kamuwa. Don haka ka tabbatar da bayaninka wurin malamin kimiyya ko ma'aikacin lafiya kafin ka yi masa ado. Haka nan a muhawara, ka yi hattara da mai gwama abu biyu kamar babu na uku, irin "ko boko ko noma", alhali ɗalibai da yawa a Wurno da Goronyo suna haɗa su.

Sannan kada a cika gishiri. Idan kowace jimla ta zama jerin uku, babu wadda za ta fito, kamar littafin da aka ja wa kowane layi jan biro.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Karanta wa ƙanwarka ko abokinka jawabin sau ɗaya da yamma, kada ka gaya masa inda saƙon yake. Washegari da safe ka tambaye shi abin da ya tuna. Idan ya kawo jimlar da kalmominta, ta zauna. Idan ya kawo biyu daga cikin ukun, wanda ya manta shi ne mai rauni: gyara shi ko ka cire. Idan kuwa ya ce "ka dai yi magana a kan ruwa", koma ka rage bayani, ka gajarta jimlar, ka sake gwadawa da wani.